Rinin Gashi a Hoto: Daga Auduga da Fenti zuwa Hue/Saturation

Duk wanda ya daɗe yana gyaran hoto a Photoshop ya san akwatin nan na Hue/Saturation bai sauya wani abin kirki ba. Layuka uku ne ake ja hagu da dama: Hue mai juya launi, Saturation mai ƙara masa kauri ko rage shi, da Lightness mai haskakawa ko duhuntawa. A gefe kuma ga ɗan akwatin Colorize. Haka muka same su, haka kuma yaran da muke koya wa aiki yau suke samun su. Abin da ya sauya, kuma ya sauya sosai, shi ne yadda ake gaya wa kwamfuta inda launin zai tsaya. A aikin sauya launin gashi kuwa, nan ne kusan dukkan wahalar take.

Kafin kwamfuta, masu sa wa hoto launi da hannu suke yi. Za a wanke hoton baƙi da fari a takarda marar sheƙi, sannan a ɗauko fenti mai raurau wanda ake ganin abin da ke ƙarƙashinsa, a shafa da auduga ko siririn buroshi. Fentin ba ya zana gashi. Hoton da ke ƙasa shi ne mai silin gashi da inuwa da sheƙi, fenti launi kawai yake ɗora masa. Saboda haka gwanayen wannan aiki sukan wanke hoton da ɗan haske fiye da yadda aka saba, don sun san wuri mai duhu ƙwarai ba ya nuna launi. Idan kuma hannu ya goce fenti ya hau goshi, sai a yi maza a goge, in ya ƙi a sake wanke wani hoton. Masu aikin ɗab'i su ma suna da tasu dabarar ta kare wani sashe: wata jar leda mai suna Rubylith da ake yankawa da wuƙa a rufe inda ba a so haske ya taɓa. Jan da yake rufe hoto idan ka shiga Quick Mask a Photoshop gadon wannan ledar ne.

Photoshop ya fito a 1990, aikin 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll. A farkon zamaninsa gyara kai tsaye yake sauka a kan hoton. Ka zagaye gashi da Lasso, ka buɗe Hue/Saturation, ka ja, ka danna OK, shi ke nan launin ya zauna. Komawa baya taki ɗaya ne kacal. A 1994 aka kawo leya, wato a jera sassan aiki ɗaya bisa ɗaya, a 1996 kuma aka kawo Adjustment Layer, gyaran da yake zaune shi kaɗai a saman hoto ba tare da ya taɓa shi ba. Sai 1998 aka samu History mai ba da damar komawa baya taki da yawa. A ganina 1996 ɗin nan ita ce shekarar da aikin ya sauya kama, domin kowane Adjustment Layer yana zuwa da nasa Layer Mask, marufin da ke cewa nan gyara zai bayyana, nan kuma ba zai bayyana ba. Fari yana bayyanawa, baƙi yana ɓoyewa, ruwan toka yana bayyana rabi. Daga ranar, kuskuren gefen kunne ya daina zama asara. Ka ɗauki baƙin buroshi ka shafe, ko yau ko bayan wata guda.

Abin mamaki shi ne, mu da muka koyi aikin a shagunan hoto da na buga kati, da yawanmu mun shafe shekaru muna yi irin na da alhali sabon yana gabanmu. Wanda ya koya maka da Lasso da Ctrl+U ya saba, kai ma haka za ka tashi. Hotunan wancan lokaci ana gane su daga nesa: gashi kamar an yanka da almakashi an manna, ga jan zobe ya kewaye kai.

Me ya sa ma sai da marufi? Ai a cikin Hue/Saturation akwai inda ake zaɓar Reds ko Yellows kawai a juya su. Matsalar ita ce launin gashi mai ruwan ƙasa da launin fatar mutum 'yan gida ɗaya ne. Hue zagaye ne mai digiri 360: ja yana kan 0, rawaya 60, kore 120, shuɗi 240. Ruwan ƙasa kuwa ba komai ba ne illa ruwan goro da ya yi duhu, yana zaune tsakanin ja da rawaya, wajen 20 zuwa 35. Fatar ɗan Adam, fara ce ko baƙa ko wankan tarwaɗa, a wannan yankin take. Ka juya Reds don gashi, fuska da leɓe da wuya su bi. Launi ba zai iya raba su ba, wuri ne kawai zai raba su, marufi kuma shi ne mai nuna wuri.

Akwai kuma wani abu da darussan da muka koya da su ba su cika faɗa ba, saboda yawancinsu da hoton mace mai gashi ruwan zuma ko ruwan ƙasa ake yin su. A irin wannan gashi, jan Hue kaɗai ya isa. A ce ka ɗora maus a kan gashin, Info ya nuna maka ja 120, kore 80, shuɗi 50. Tsakanin babba da ƙarami akwai tazarar 70, wannan tazarar kuwa ita ce launin. Hue ɗinsa yana wajen 26. Ka ja layin baya da 26, lambobin su koma kusan 120, 50, 50, gashi ya yi ja a idon kowa. To gwada wannan a gashin 'yar Kano ko 'yar Damagaram. Info zai nuna maka wani abu kamar 28, 22, 20. Tazarar 8 ce cikin 255. Ja Hue daga wannan ƙarshe zuwa wancan, abin da za ka samu bai wuce 20, 28, 22 ba, wanda ido baƙi yake gani. Hue ba ya ƙirƙirar launi, wanda ya tarar yake juyawa. Kowane marini ya san baƙin yadi ba ya karɓar ja. Yaro zai zauna yana ta jan layi yana cewa, "Oga, abin nan ya lalace," alhali lafiyarsa ƙalau, babu abin juyawa ne.

Aikin da ya fi zuwa mana a wannan fanni daga masu gyaran gashi yake zuwa, da masu sayar da gashin kanti. Wata mai shagon gyaran gashi ta kawo hoton yarinyar da ta yi wa aiki, gashi baƙi wuluk an sake shi zuwa kafaɗa, gaban kuma an yi kitso 'yan layuka, bayanta bango ruwan toka mai haske. Ta ce, "Malam, so nake a mayar min da shi ruwan hanta, zan sa a allon shago." Na ce, "To Hajiya, a ina aka ɗauka, kuma ta ina hoton ya biyo?" Tambayar ba ta banza ba ce. Hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, kuma wurare masu duhu su suka fi shan wahalar matsin. Ba a ganin ɓarnar sai an haskaka, a nan ne gashin zai fashe ya zama ƙananan murabba'ai da dabbare-dabbaren kore da shunayya. Na roƙe ta ta turo asalin fayil ɗin daga wayar da ta ɗauka. In da kyamara aka ɗauka a RAW, ya fi ma, domin duhunsa yana ɗauke da bayani mai yawa.

Ni da marufi nake farawa, launi daga baya. Nakan haɗa leyoyin gyaran duka a Group ɗaya da Ctrl+G, in sa marufin a kan Group ɗin, don kada in riƙa gyara marufi biyu ko uku kowanne daban. Tsakiyar gashi ba ta da wuya, ko Quick Selection ya ɗauke ta. Gefe ne aikin, gefen kuma iri biyu ne: inda gashi ya haɗu da bango, da inda ya haɗu da fata.

Na bango ya yi sauƙi yanzu. A da sai a shiga Channels, a kwafi wanda gashi ya fi bambanta da bango a cikinsa, a matse shi da Levels har gashi ya koma baƙi bango ya koma fari, a juya da Ctrl+I, a ɗauko shi a matsayin zaɓi. Daga baya Refine Edge ya zo a 2007, aka ƙara masa ƙarfi a 2010, a 2016 kuma ya koma Select and Mask. Yanzu kana shafa Refine Edge Brush a bakin gashi, silin da ya tashi sama ya fito ɗaya bayan ɗaya. Aikin da yake cin rabin yini ya koma na 'yan mintoci, kuma ban ga abin kewa a tsohon ba.

Na fata ne har yau yake neman hannu da ido. Baƙin gashi a kan fata mai duhu, musamman a gefen da inuwa take, bambancinsu kaɗan ne, kayan zaɓi sukan ruɗe su cinye rabin goshi ko su bar gashin gaba. A nan tsohuwar dabarar Channels ba ta mutu ba, sai dai a san wanne za a duba. Blue ba shi da amfani, domin a cikinsa fata mai duhu da gashi duk baƙi suke. Red ake buɗewa, a nan fata take haske gashi kuma ya zauna a duhunsa, layin goshi ya fito sarai. Sauran kuma buroshi ne mai laushi, Hardness a 0, Flow wajen 20, ana danna X ana sauyawa tsakanin baƙi da fari. Gashi ba ya farawa farat ɗaya a goshi. Yana farawa da 'yan siraran sili da fata ke leƙowa ta tsakaninsu, sannan ya yi kauri. Marufin ma haka ya kamata ya kasance a wurin, daga baƙi zuwa toka zuwa fari a hankali.

Kitso kuma yana da tasa rigimar da ba za ka same ta a darasin kowa ba. Tsakanin kowane layi da ɗan'uwansa akwai tsaga, tsagar kuwa fatar kai ce. Idan ka rufe kan duka da fari, tsagar za ta yi ja, yarinya ta fito kamar mai ciwo a ka. Dole a ƙara girman hoton a bi kowace tsaga da siririn baƙin buroshi. A hoton Hajiya wannan ya fi komai cin lokaci, kuma shi ne abin da babu wanda zai lura da shi idan an yi shi daidai.

Da marufi ya samu, sai haske. A cikin Group ɗin nakan sa Curves a ƙasa, in ɗora ɗigo a yankin duhu in ɗaga, Input 30 ya koma Output wajen 60. Kusurwar ƙasa, wato baƙi na ainihi, ba na taɓa ta, domin duhun da ke tsakanin sili da sili shi ne yake sa gashi ya zama gashi. Sai in sa wani ɗigon a sama in ɗan danne, kada sheƙin ya ƙone ya koma fari fat. Wannan shi ne abin da mai fentin hannu yake yi sa'ad da ya wanke hotonsa da haske. Mutane da yawa a nan Lightness suke ja, tunda yana nan kusa. Ban ba da shawarar haka ba. Lightness yana tura komai zuwa fari baki ɗaya, har da baƙin da ya kamata ya zauna baƙi, sai gashin ya yi fururu kamar an busa masa toka. Idan ka ga gashi a hoto ya yi hazo, ba zurfi ba sheƙi, yawanci Lightness aka ja.

Sai yanzu Hue/Saturation zai hau, a saman Curves. A danna Colorize, domin shi ba ya jiran launin da ke ƙasa, hasken kowane ɗigo yake ɗauka ya ɗora masa launi ɗaya. Da an danna shi ma'aunin Hue yana komawa daga 0 zuwa 360. Ruwan hanta ja ne da ya ɗan karkata wajen shunayya, don haka na tsaya a Hue 350, Saturation wajen 30, Lightness a 0. Waɗannan lambobin na wannan hoton ne, wani hoton zai nemi nasa. Amma abu ɗaya ba ya sauyawa: a kan allo ido yana kwaɗayin kauri. Kana ja daga 30 zuwa 50 kana ganin kyau yake ƙarawa, sai ka tashi ka sha ruwa ka dawo ka tarar da gashin roba. Gashin da aka rina da gaske, a cikin ɗaki kusan baƙi yake, sai haske ya faɗa masa jan yake tashi.

Wannan ne ya kawo ni ga aibin Colorize. Launi ɗaya yake shafawa ko'ina, gashin gaske kuwa ba haka yake ba. Sheƙin da ke kan gashi hasken fitila ne ko na taga yake dawowa, don haka kusan launin fitilar yake ɗauka, ba na gashin ba. Idan sheƙin ya koma ruwan hoda, ko wanda bai san komai a hoto ba zai ji wani abu bai yi ba. Maganin yana cikin Blending Options na leyar, a ƙasa inda aka rubuta Blend If. A layin Underlying Layer, a riƙe Alt a raba farar alamar gida biyu, rabi ya dawo wajen 150 rabi ya tsaya wajen 220, sai launin ya riƙa janyewa a hankali daga wurare masu sheƙi. A yi wa baƙar alamar haka kaɗan, daga 0 zuwa wajen 25, don can cikin inuwa ya zauna baƙi. Idan ba a raba alamar ba, yankan zai zo da kaifi, gashin ya yi ƙyasfi-ƙyasfi.

Kafin in ce na gama, akwai gwajin da ba na tsallakewa. Nakan ja Hue zuwa kore, Saturation zuwa 100, na ɗan lokaci. Ja a kan fata yana iya ɓuya, tunda dangi ne, amma kore ba ya ɓuya. Nan take za ka ga inda ya zubo a kunne, a wuya, a kafaɗar riga, da inda bango yake leƙowa ta tsakanin gashi. Sannan in riƙe Alt in danna hoton marufin don in gan shi shi kaɗai, domin ramukan toka da buroshi ya tsallake a tsakiyar gashi a nan suke fitowa. Bangon ma yana da nasa hali. Fari fat yana yafe kuskure, tunda Colorize ba ya iya rina farin da ya kai ƙarshe. Ruwan toka kuwa, irin na hoton Hajiya, yana karɓar launi da kyau, kuma Curves yana haskaka shi, sai ka ga zobe mai haske ya kewaye kai. Idan haka ta faru, a zaɓi marufin a buɗe Levels a ja alamar tsakiya zuwa dama kaɗan, tokar gefe ta yi duhu, zoben ya shige ciki.

Gira ban taɓa ta ba a wannan hoton, domin masu rina gashi ruwan hanta ba su cika rina gira ba. Da yake allo za a buga, na duba Gamut Warning, saboda ja mai kauri yana cikin launukan da tawada ba ta iya kaiwa inda allon kwamfuta yake kaiwa. Na ajiye PSD da leyoyinsa, na fitar da kwafi don bugawa.

Furfura ita ce akasin duk wannan. Dattijon da yake son ganin gemunsa da jan lalle a hoto aikinsa ba ya buƙatar Curves, tunda hasken yana nan. Hue kaɗai ba zai yi komai ba, don fari da toka su ma ba su da launin juyawa, amma Colorize a wajen Hue 20 yana kamawa nan da nan. Sai dai a ɗan duhunta, domin silin da ya yi fari sosai ba ya riƙe launi.

Bayan kwana biyu Hajiya ta dawo ta ce, "Malam, a yi min wani kuma ruwan zuma, da wannan hoton dai." A zamanin Lasso da Ctrl+U wannan sabon aiki ne daga tushe. Yanzu marufin yana nan, buɗe fayil ne a ja Hue zuwa wajen 35. Sai dai ruwan zuma launi ne mai haske, kuma don a kai gare shi dole a ɗaga gashin da ke zaune a 30 zuwa sama da 150. Na ɗaga a gabanta don ta gani da idonta. A hoto mai matakan haske 256, baƙin gashin nan gaba ɗayansa a cikin 'yan matakai talatin ko arba'in yake. Da aka miƙe su suka rufe fili mai faɗi, sai silin ya ɓace, tsakuwa-tsakuwa ta fito, gefen gashin kuma ya zauna da duhu kamar an zagaye shi da gawayi, domin ɗigon gefe rabi gashi ne rabi bango. Na ce mata, "Hajiya, daga baƙi ana zuwa ruwan hanta, ana zuwa ruwan ƙasa mai duhu, ana zuwa shuɗi mai duhu. Ruwan zuma kam sai dai a sake ɗauka." Na kuma ƙara mata da cewa allon shago alkawari ne ga mai shigowa, gara abin da ke jikinsa ya zama wanda hannunta zai iya fitarwa a kan mutum. Ta ce ai ita ma a shago ba ta kai baƙin gashi ruwan zuma sai ta fara cire masa baƙin da magani, kuma ba kowane gashi ke jurewa ba. Muka tsaya a kan za ta sa wa yarinyar gashin kanti mai ruwan ƙasa, a ɗauke ta kusa da taga a gaban farin bango, daga sabon hoton kuma a fitar mata da ruwan zuma da ruwan goro duka da marufi ɗaya.